Ayyuka biyar, awa 28: wa za a fara yi wa, wa za a ba haƙuri?

Duk mai fassarar Larabci zuwa Hausa a Jidda ya san halin watan Shawwal. Sai ka yi watanni waya shiru, da zarar ƙaramar Sallah ta wuce, shirin aikin Hajji ya kankama, kowa ya tuna da kai a mako guda. Ejan na Kano yana son a fassara masa yarjejeniya, mai maɗaba'a yana jiran littafin alhazai, ɗalibi yana da ganawa da malaminsa. Kowanne yana ganin nasa ne kaɗai a hannunka, kuma ba laifinsa ba ne, don ba ka gaya masa akasin haka ba.

Zan ɗauki mako guda daga cikin irin waɗannan makonni na baje shi, saboda hanyoyin jera aiki ba sa nuna bambancinsu sai an ɗora su a kan lissafi ɗaya. Ni da safe koyarwa nake yi, don haka fassara ba ta samun komai a wurina sai abin da ya rage: awa biyu tsakanin La'asar da Magariba, awa biyu bayan Isha'i. Awa huɗu ke nan a kullum daga Lahadi zuwa Alhamis. Juma'a, tsakanin masallaci da gaishe da Hajiya da cin tuwon gidanta, ba na samun fiye da biyu. Asabar ina iya yin shida. Waɗannan awoyin aiki ne na gaske, waɗanda hannu ke kan madannai, ba na zama a gaban kwamfuta ana amsa saƙonni ba. Idan aka yi ta tarawa daga Lahadi, daren Lahadi ina da awa 4, Litinin 8, Talata 12, Laraba 16, Alhamis 20, Juma'a 22, Asabar 28, Lahadi ta sama 32. Wannan jerin shi ne ma'aunin duk abin da zai biyo baya.

Ga ayyukan, yadda suka shigo. Na farko ƙaramin littafin jagorar alhazai ne, shafi 36, na ƙiyasta masa awa 12, ana son sa daren Alhamis, riyal 1,500. Na biyu hirarrakin da wani ɗalibin Jami'ar Musulunci ta Madina ya naɗa, yana son a mayar da su rubutu, awa 4, Juma'a, riyal 300. Na uku yarjejeniyar hayar masauki a Makka ga wani ejan na Kano, awa 6, Talata, riyal 700. Na huɗu rubutun ƙasan bidiyo ga wani matashi mai saka darussan Hajji a intanet, awa 5, Laraba, riyal 450. Na biyar sanarwar kiwon lafiya ce 'yar shafi biyu, awa 2, Asabar, riyal 200. Daga nan zan riƙa ce musu littafi, hira, yarjejeniya, bidiyo da sanarwa.

Jimilla awa 29, ni kuma ina da 28 zuwa daren Asabar. A ido awa ɗaya ce ta gaza, abin da mutum zai ce ai hana ido barci kaɗan ya isa. Wannan kallon ne ya fi cutar da mu, kuma zan dawo kansa.

Hanyar da zuciya ta fi karkata gare ta ita ce layi: wanda ya riga kawowa shi za a riga yi wa. Tana da kwarjini, domin adalci ne a bayyane, kuma idan wani ya yi ƙorafi kana da amsa a baki. A makon nan, layi zai sa na gama littafi ranar Talata, kwana biyu kafin a buƙace shi, na gama hira ranar Laraba, ita ma kwana biyu kafin lokacinta. Yarjejeniyar da ake jira Talata sai Juma'a, bidiyon Laraba sai Asabar, sanarwa sai Lahadi. Mutum uku an saɓa musu, biyu daga ciki da kwana uku-uku, alhali littafi yana kwance a kwamfuta ba wanda ya taɓa shi. Laifin layi ɗaya ne: bai san ranar da kowa ke so ba, ranar da kowa ya zo kaɗai ya sani. Yana da kyau a inda ayyuka suke kusan girma ɗaya kuma wa'adinsu iri ɗaya, kamar mai wanki da guga da ke ce wa kowa jibi. Mai fassara ba ya cikin wannan hali.

Ta biyu ita ce ta mai son faranta wa kowa: a tsakuri kowane aiki kullum, don duk wanda ya kira a ce masa ana kai. Na daɗe a kanta, kuma ita ce mafi muni, sai dai muninta ba ya fitowa sai ƙarshen mako. A ce na raba lokacina daidai tsakanin duk ayyukan da ba su ƙare ba. Sanarwa mai awa biyu ba za ta fita ba sai an ci awa 10, domin kafin ta samu biyunta sauran huɗun ma kowanne ya samu biyu. Hira za ta fita a awa ta 18, bidiyo a ta 21, yarjejeniya a ta 23, littafi a ta 29. Wato yarjejeniyar Talata sai Asabar, bidiyo sai Juma'a, littafi sai Lahadi. Uku sun makara, kuma ban ma saka asarar sauya aiki ba. Duk sa'ad da na bar yaren kwangila na koma yaren fiƙihu, sai na sake buɗe ƙamus, na tuna wace kalma na zaɓa wa “tahallul” a shafi na tara, na nemo inda na tsaya. A wurina wannan yana cin kusan minti goma sha biyar. Sau huɗu a rana awa guda ce daga cikin huɗu. Taura biyu ba ta taunuwa, balle biyar.

Sauran hanyoyi uku ba mu muka ƙago su ba. Masana tsara aikin masana'antu sun yi lissafinsu tun kafin a haifi yawancinmu, a kan inji guda da ayyuka ke jira a gabansa, kuma mai aikin kansa shi kaɗai injin nan guda ne.

A shekarar 1956 W. E. Smith ya nuna cewa idan aka fara da mafi gajeren aiki aka bi har zuwa mafi tsawo, matsakaicin lokacin da masu aiki ke jira zai zama mafi ƙanƙanta. A makona jerin zai zama sanarwa, hira, bidiyo, yarjejeniya, littafi, kuma za su fita a awa ta 2, ta 6, ta 11, ta 17 da ta 29. Matsakaicin jira awa 13 ke nan, alhali a layi ya haura 21. Akwai daɗi a ciki: kafin daren Talata na sallami mutum uku, kuɗinsu sun fara shigowa, wayata ta huta. Amma a duba su wa aka bari. Yarjejeniya ta makara kwana biyu, littafi kwana uku, kuma su ne riyal 2,200 daga cikin 3,150 na makon. Kullum haka take yi, babban aiki shi ke zama saniyar ware, kuma mai babban aiki galibi shi ne wanda kake son ya dawo baɗi. Ina amfani da ita ne kawai idan wa'adi duk sun yi nisa, ina son in rage yawan mutanen da ke kaina.

Shekara guda kafin haka, a 1955, J. R. Jackson ya tabbatar da wata ƙa'ida da ta fi shafar mu: a jera ayyuka bisa kusancin wa'adinsu, wanda ake so da wuri shi ne gaba, ba ruwanka da girmansa ko ranar zuwansa. Abu biyu wannan jeri ya lamunce. Makara mafi tsawo za ta zama mafi gajarta da za a iya samu. Sannan, kuma wannan ne ya fi amfani, idan akwai wani jeri a duniya da zai sa kowa ya samu aikinsa a kan lokaci, to wannan jerin zai yi. Idan kuwa shi ya kasa, ba jerin da zai iya, komai dabararka. Dalilin mai sauƙi ne. Ɗauki ayyuka biyu maƙwabta a jeri, na gaba wa'adinsa nesa, na baya wa'adinsa kusa. Idan ka musanya su, su biyun tare za su ƙare a lokacin da da ma za su ƙare, sai dai yanzu wanda ke ƙarshe shi ne mai iya jira. Ba a yi asarar komai ba. Ka yi ta irin wannan musanya har ta ƙare, sai ka tarar da kanka a jerin wa'adi.

A makona jerin shi ne yarjejeniya, bidiyo, littafi, hira, sanarwa. Yarjejeniya ta fita a awa ta 6, wa'adinta 12, lafiya lau. Bidiyo a ta 11, wa'adinsa 16, shi ma haka. Littafi a ta 23, wa'adinsa 20. Hira a ta 27, wa'adinta 22. Sanarwa a ta 29, wa'adinta 28. Uku sun makara: littafi kwana biyu, hira kwana ɗaya, sanarwa kwana ɗaya. Ba wanda ya kai kwana uku, kuma ba jerin da zai kawo mafi tsawon makarar ƙasa da kwana biyu. Amma a lura da yadda take raba ciwon. Littafi ya zarce, ya ture hira, hira ta ture sanarwa. Idan aiki ya fi ƙarfin lokaci, jerin wa'adi yakan shafa wa kowa kaɗan-kaɗan, ka wayi gari kana ba mutum uku haƙuri a wuni biyu.

To a nan ne lissafin ya biya kuɗin sabulunsa. Na ce a ido awa ɗaya ce ta gaza. Jerin wa'adi ya nuna ba haka ba ne: a daren Alhamis giɓin awa 3 ne, a daren Juma'a awa 5, sai a daren Asabar ne ya koma ɗaya, saboda Asabar mai awa shida ta cike shi bayan aikin gama ya gama. Wanda ya kalli jimillar mako kaɗai ba zai ga wannan ba, zai shiga aiki da ƙwarin gwiwa, sai Alhamis da La'asar ya gane shafi tara sun rage. Ba a buƙatar wata manhaja ta musamman. A Excel ko Google Sheets, a jera ayyukan bisa wa'adi daga layi na biyu, a sa awoyin kowane aiki a shafin B, a sa a shafin D adadin awoyin da mutum zai tara kafin wa'adin, sannan a rubuta waɗannan a C2 da E2 a ja su ƙasa:

```
=SUM($B$2:B2)
=D2-C2
```

Duk inda shafin E ya nuna lamba ƙasa da sifili, nan alkawari zai karye, kuma lambar da ta fi nutsewa ita ce yawan awoyin da dole a cire ko a samo. Takarda da biro ma sun isa, minti goma ne.

Hanya ta biyar ta fara ne daga yarda cewa wani zai makara, sai ta tambaya yaya za a yi masu makarar su zama mafi ƙaranci. J. M. Moore ne ya wallafa ta a 1968, ana kuma haɗa sunansa da na Hodgson a kanta. Ana bin jerin wa'adi ana tarawa. Da zarar an iso aikin da zai makara, sai a waiwaya a kan duk ayyukan da aka jera zuwa nan, har da shi, a zare mafi tsawo a ajiye shi gefe, a ci gaba. Waɗanda aka zare su ne za su koma ƙarshe. A makona an iso littafi a awa ta 23, ya zarce, kuma shi ne mafi tsawo, don haka shi za a zare. Sai yarjejeniya ta fita a 6, bidiyo 11, hira 15, sanarwa 17, duk a kan lokaci, littafi kuma ya fita ranar Lahadi. Mutum ɗaya tak aka saɓa wa maimakon uku.

Na taɓa kai wannan zance shagon wani kawuna tela a unguwar Sabil ta Jidda, wanda ya fi shekara talatin yana shan cunkoson ɗinkin Sallah. Ya saurara har na gama, allura a baki, sannan ya zare ta.

“Wato lissafin naku cewa ya yi a ajiye babbar rigar ango, a ɗinka wa yara huɗu kaftani?”

Na ce, “Kawu, ai mutum huɗu sun fi ɗaya.”

“A ƙirga, i. Amma yaro zai sa kayansa ranar hawan bayan Sallah, ba abin da ya ragu. Ɗaurin aure fa, za a ɗaga shi don kai?”

Gaskiyarsa. Ƙa'idar Moore kawuna take ƙirgawa, ba ta auna nauyinsu. Littafin nan maɗaba'a zai tafi, a buga shi, a raba wa alhazan da jiragensu za su fara sauka a Zulƙida. Makarar kwana uku a wurinsa tana iya nufin gurbinsa a maɗaba'a ya wuce, kuma mai shi ba zai sake kirana ba. Amma tunanin da ke ƙarƙashin ƙa'idar daidai ne, wato gara a zaɓi mutum ɗaya da gangan a ɗora masa dukan makarar, da a bar ta ta watsu a kan uku. Abin da ya rage shi ne zaɓen ya koma hannunka.

Kuma lissafin yana faɗa maka waɗanda za su iya zama abin zaɓa. Ana neman a cire awa 3 kafin daren Alhamis, a cire 5 kafin daren Juma'a. Sanarwa ita ce mafi arha kuma mafi sauƙin ba wa haƙuri, amma cire ta ba ya tsinana komai, domin tana bayan giɓin. Hira ma, duk da ita ce mafi ƙarancin kuɗi a awa, riyal 75, cire ta ba zai ceci littafi ba, don littafi na gabanta. Wannan kuskure na sha yin sa: in kira mai ƙaramin aiki in ɗaga masa, in ji kamar na rage kaya, alhali ban taɓa inda matsalar take ba. Aikin da za a zare dole ya kasance a gaban giɓin ko a kansa, kuma girmansa ya kai giɓin. Uku ne suka cika sharaɗin: littafi mai awa 12, yarjejeniya mai 6, bidiyo mai 5. Idan aka zare bidiyo, yarjejeniya za ta fita a 6, littafi a 18, hira a 22, sanarwa a 24, bidiyo a 29. Mutum ɗaya ne ya makara, daidai da sakamakon Moore, amma aikin riyal 450 ne ke jira, ba na 1,500 ba.

Akwai farashi, kuma bai kamata a ɓoye shi ba. Zare littafi yana barin sarari mai yawa, kowane aiki na da aƙalla awa biyar a hannu. Zare bidiyo kuwa ya bar wa littafi awa biyu kacal, hira kuma ba ta da ko minti ɗaya. Tsari ne da tari ɗaya zai rusa shi. Shi ya sa Moore ya zaɓi mafi tsawo, don shi ne ke sakin lokaci mafi yawa.

Wani zai ce me zai hana a miƙa bidiyon ga abokin sana'a. Ana yi, amma kada a ƙirga shi a matsayin awa biyar da aka samu. Aikin da zai fita da sunanka sai ka karanta shi, kuma duba rubutun bidiyo yana cin awa guda. Ka ceto huɗu ke nan, giɓin Juma'a kuwa biyar ne. Littafi zai tsira, hira za ta makara da awa ɗaya.

Duk wannan lissafi yana tsaye ne a kan ranakun da aka faɗa maka, kuma ranakun ba duka ne na gaske ba. Tambaya ɗaya nake yi wa kowa yanzu: idan na miƙo aikin, ina zai nufa? Amsar ejan na Kano ita ce Laraba da safe za a zauna da mai masauki a sa hannu, don haka Talatarsa ba ta motsi. Mai littafi ya ce maɗaba'a. Ɗalibin Madina, da na tambaye shi, ya yi 'yar dariya.

“Gaskiya, Malam, ranar Lahadi zan ga duktur malamina. Na ce Juma'a ne don kada a yi mini na tela.”

“To idan ya iso ka Asabar kafin Magariba fa?”

“Wallahi ya yi, Malam. Daren ya ishe ni in karanta.”

Da wannan 'yar magana wa'adin hira ya tashi daga daren Juma'a ya koma yammacin Asabar, tsarin da ba shi da wurin numfashi ya samu. Mai bidiyo kuma duk mako yake saka darasi, kuma yana da wani a ajiye wanda da Hausa aka yi shi, ba ya buƙatar rubutu. Daren Asabar na kira shi, kafin makon ya fara, na ce masa Laraba ba za ta yiwu ba, Lahadi ta sama ce, idan kuma bai iya jira ba ga kafin alƙalaminsa, ga lambar wanda zai yi masa. Ya zaɓi jira. Da na bari sai daren Laraba na kira, magana ɗaya zan faɗa, amma a lokacin ya riga ya sanar da masu kallonsa, ba kuma mai karɓar aikin cikin dare. Ba a fafe gora ranar tafiya.

Ita kanta kalmar “Talata” sai an warware ta idan mai aikin yana gida. Saudiyya tana gaban Najeriya da Nijar da awa biyu. Idan ejan yana nufin kafin a tashi ofis ƙarfe biyar a Kano, ƙarfe bakwai ke nan a Jidda, wato zaman bayan Isha'i ba ya ciki, wa'adin ya koma awa ta 10 maimakon 12. Idan kuwa daren Talata yake nufi, sha biyun darensa biyun darenmu ne. Hutun mako ma ya bambanta. Tun 2013 Saudiyya ke hutun Juma'a da Asabar, a Kano kuwa ofisoshi Asabar da Lahadi suke rufe. Aikin da ka miƙa wa ofishin Kano daren Juma'a da wanda ka miƙa daren Lahadi duk Litinin za a buɗe su, don haka kwana biyun nan kyauta ne idan ka nema. Aikin ofishin Jidda kuma da ya wuce Alhamis da yamma, sai Lahadi. Sannan idan aka ba ka wa'adi da kwanan watan Musulunci, ka nemi a haɗa da ranar mako, domin kalandar Ummul Ƙura da ake bi a nan takan saɓa da ganin watan da Sarkin Musulmi ke sanarwa a Sakkwato da kwana guda.

Ɗaya ƙafar da lissafin ke tsaye a kai ita ce ƙiyasin awoyi, kuma ita ce ta kusa kayar da ni. Na ba littafi awa 12 bisa shafi uku a awa. Na gama yarjejeniya Litinin kafin Magariba, na shiga littafi bayan Isha'i, a awa biyu na yi shafi biyar maimakon shida. Ban damu ba, farko ne. Daren Talata, bayan awa shida, ina shafi na 15 maimakon na 18. Hoton shafukan aka turo mini, ba rubutun da ake kwafa ba, kuma babin ihrami cike yake da kalmomin da sai an tsaya an zaɓi wadda alhajin ƙauye zai gane ba tare da an karya hukuncin ba. Shafi biyu da rabi a awa yana nufin littafin zai ci awa 14 da kusan rabi, ni kuma 14 nake da su zuwa daren Alhamis. Da yake a ranar Talata na gani, gyaran ƙarami ne: rabin awa bayan sallar Asuba ranar Laraba. Alamar da ake dubawa ke nan, adadin shafuka ko kalmomi a kan awoyin da aka kashe, tun a kashi ɗaya cikin uku na aikin, ba yadda jiki ke ji ba. Littafi ya tafi daren Alhamis, hira da sanarwa suka fita Asabar, bidiyo ya fita Lahadi saura awa guda. Da ban tambayi ɗalibin nan ba, da hira ta makara duk da tsarin.

Wurare biyu ne nake karya jerin da gangan. Na farko, kafin in fara komai nakan ba kowane aiki 'yan mintoci in leƙa shi daga farko zuwa ƙarshe, in tura tambayoyina. A yarjejeniyar akwai shafin da hotonsa ya yanke adadin ɗakuna, kuma amsar ta ɗauki yini guda kafin ta zo daga Kano. Jiran amsa ba ya cin awoyina matuƙar na tura tambayar da wuri, yana tafiya ne a gefe yayin da nake wani abu. Na biyu, awoyi ba ɗaya suke ba. Bayan Isha'i, ranar da na gaji, ba na iya fiƙihu amma ina iya sauraren hira ina bugawa. Ana iya jawo irin wannan aiki gaba, da sharaɗin a koma shafin E a ga cewa aikin da aka tura baya yana da sararin da zai ɗauki turin. A makon nan littafi ba shi da shi, don haka hira ta jira har Juma'a.

Idan za a zaɓa, ga yadda nake yi. Jerin wa'adi ne farko, ko da ba shi za a bi ba, don shi ne gwaji. Idan ba lamba ƙasa da sifili, a bi shi, ba a buƙatar wata hanya. Idan akwai, a fara da tambayar masu aikin ko ranakun na gaske ne, a sake lissafi. Idan giɓin bai tafi ba, kuma ayyukan nauyinsu ɗaya a wurinka, a zare mafi tsawo kamar yadda Moore ya ce. Idan nauyinsu ya bambanta, a zare mafi sauƙin jira daga cikin waɗanda ke gaban giɓin kuma suka kai girmansa, a kira mai shi a ranar. Jerin wa'adi tsantsa a cikin cunkoso yana da wuri ɗaya da ya fi: inda kowa zai iya haƙurin kwana ɗaya ko biyu amma ba mai iya haƙurin huɗu.

Ranar Laraba ta makon nan wani Alhaji ya turo takardar wakilci a WhatsApp, shafi uku, aikin awa uku, wai yana so gobe. A da zan ce in sha Allah in karɓa, don kunyar a ce na mayar da babba. Na buɗe lissafin na ga ba awa ɗaya da ba ta da mai ita kafin daren Lahadi. Na rubuta masa: “Ranka ya daɗe, gobe ba zan iya ba. Litinin bayan Isha'i za ta iso ka.” Ya ce wani zai nema. Ranar Asabar ya sake turo ta, na saka ta a layi na bakwai, ƙarƙashin bidiyo.